Rabin Wasiƙar Nas

A gidan rediyon nan ba mai kiransa da sunansa na yanka. Tun daga mai gadi har manaja, Almakashi kowa yake ce masa, shi kuma ya daɗe da daina ɓata rai a kai. Ofishinsa wani ɗan ɗaki ne a ƙarƙashin matattakala, idan mutum ya miƙe a cikinsa ba shiri sai ya gaisa da siminti. Tebur ɗaya ne a ciki, da fankar da ƙararta ta fi iskarta yawa, da jan biro, da fensir, da wani tsohon agogon hannu wanda madaurinsa ya tsinke tun ba a haifi rabin ma'aikatan gidan ba.

Aikinsa filin cigiya ne, wanda ake yi duk Asabar da ƙarfe biyar na yamma. Mutane su rubuto suna neman ɗan da ya tafi neman aiki aka daina jin ɗuriyarsa, ko ƙanwar da aure ya kai nesa, ko abokin da aka rabu da shi tun makaranta. Minti goma sha biyar ne filin. Idan aka cire taken shiri da talla, saura minti goma, wasiƙa goma, kowa minti ɗaya. Minti ɗaya kuwa a bakin mai karatu bai wuce kalma ɗari da arba'in ba. To, wa ya taɓa ganin mai neman ɗansa ya tsaya a kalma ɗari da arba'in? Kusan kowace wasiƙa sai an zubar da rabinta, kuma Almakashi ne mai zubarwa, yau shekara ashirin da huɗu.

Masu cewa ba shi da imani suna da yawa, amma ba su taɓa zama sun ga yadda yake yi ba. Ba ya ɗaukar jan biro sai ya karanta wasiƙa sau biyu. Daga nan sai ya rubuta layi ɗaya da fensir a can sama: wa ake so ya ji, kuma me ake so ya yi idan ya ji. Wannan layin ne alƙalinsa. Duk jimlar da ba ta yi wa layin aiki, komai daɗinta, ta kama hanya. Gaisuwa ga ma'aikatan gidan rediyo da addu'ar Allah ya ƙara wa manaja girma su ne kan fara tafiya. Sai abin da aka faɗa sau biyu da kalmomi daban, sai abin da mai sauraro zai gane da kansa ko ba a faɗa ba. Yakan gaya wa sababbin ma'aikata cewa ba a samun rabi da tsince kalma ɗaya nan ɗaya can, sai dai a gaji a kuma ramar da kowace jimla. Reshe guda ake sarewa gaba ɗaya, a bar sauran da ƙibarsu.

Idan ya rasa yadda zai yi da wata jimla, sai ya rufe ta da babban yatsa, ya karanta ta sama da ta ƙasa a bayyane. Idan suka haɗu ba a ji giɓi ba, ya ja mata layi. Idan aka ji, ya ɗaga yatsansa. Bayan ya gama kuma sai ya sake bi daga farko yana farautar duk wani «shi» da «ita» da «ranar nan» da ya zama maraya saboda an cire abin da yake nufi. Wannan ya koye shi ne da wahala. A shekararsa ta farko ya cire jimlar da ta ambaci kawun wani bawan Allah, ya bar ta bayanta mai cewa «ya rasu bara», sai mutuwar ta faɗa kan mahaifin mutumin, wanda a lokacin yana zaune a ƙofar gidansa yana sauraron shirin da kunnensa. Kwana uku tsohon yana karɓar masu zuwa yi wa iyalinsa ta'aziyya.

Abu biyu ne ba ya taɓawa. Suna da lambar waya dole a faɗe su sau biyu, ko da maimaici ne, domin kunne ba ya iya komawa baya ya duba. Sai kuma kalmomi irin su «an ce» da «muna zato» da «wataƙila». Sababbin shiga su suke fara kai wa hannu don suna ganin ba su da nauyi. Shi kuwa yakan ce «an ce an gan shi a tasha» daban, «yana tasha» daban, kuma ba ya mayar da zaton wani ya zama tabbas sai ya ji daga bakin mai maganar. Bai taɓa ƙara wa wasiƙar kowa kalma ɗaya ba. Cirewa kawai yake yi.

Halin ya bi shi har gida. Matarsa takan ce da ta fara ba shi labari sai ta ga yatsansa yana motsi a kan gwiwa, ta san ana ja mata layi. Shi da kansa ba mai yawan magana ba ne, yaransa ma sun saba da uba mai amsa tambaya da kalma uku.

Abin da ba wanda ya sani a gidan rediyon shi ne dalilin da ya sa ba ya barin kowa ya buɗe masa ambulan. Kafin ya karanta komai, rubutun hannun yake fara duba. Akwai wani rubutu mai kwanciya hagu, mai manyan baƙaƙe kamar na ɗan aji uku, da yake nema tun ranar da ya fara aiki. Da aka koma turo saƙo ta waya ana bugo masa a takarda, sai ya koma duba sunan da ke ƙasa. Rubutun ƙaninsa ne, autan gidansu. Yana fata wata rana Auta ne zai rubuto yana cigiyarsu. Shi da yake da filin a hannunsa bai taɓa sa cigiyar Auta ba, domin ya san abin da ya kore shi.

Shekara ashirin da shida ke nan. Babansu yana kwance a asibiti, suna karɓa-karɓa wajen jinya. Ranar da ta faɗo kan Auta, yana ɗan shekara goma sha tara, ya ga Baba ya samu barci, ya zame ya tafi filin ƙwallo da ke bayan asibitin, wai minti talatin kawai. Kafin ya dawo an rufe Baba da zane. Bayan kwana biyu, a tsakar gida, a gaban dangi da maƙwabta, Almakashi ya dube shi ya ce ko an cire shi daga gidan nan ba abin da zai ragu. Bai ɗaga murya ba, kuma bai ƙara komai ba. Da gari ya waye babu Auta, babu jakarsa. Innarsu ba ta taɓa yi wa Almakashi maganar ba, ko sau ɗaya, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Wata Laraba da hantsi ƙanwarsa ta sunkuyo cikin ofishin da farar rigar aikinta. Ma'aikaciyar jinya ce, duk dangi Nas suke ce mata, har Inna, wadda yanzu take zaune a gidanta. Ba ta zauna ba. Ta ce wani direban babbar mota da aka kwantar a asibitinsu ya ga sunan mahaifinsu a jikin katin ƙirjinta, ya ce ya san wani mai gyaran janareta a wani gari can kan hanyarsa mai irin wannan suna, har da tabo a gira. Bai san lambarsa ba, bai ma tuna layin da shagon yake ba. Abu ɗaya ya riƙe: rediyon mutumin ba ya mutuwa, kuma wannan tashar yake kamawa. Ta ajiye takarda biyu a kan teburin.

«Yaya, ga ta nan. Kada ka taɓa min ko kalma ɗaya.»

Ya karanta a hankali yana kallon agogo. Minti biyu da daƙiƙa biyar. Ya ce mata sai an rage rabi. Ta ce shekara ashirin da huɗu yana yi wa gidan nan bauta, minti ɗaya ne ba za a ara masa ba? Ya nuna mata tarin wasiƙun da ke jiran layi, ya ce mintin da za a ara na wata uwar ne, ta nuna masa wadda za a ce ta jira wani makon. Nas ta yi tsaki, ta ce Inna ta haura tamanin, jiya ma sai da aka ƙara mata ruwa, shi ya san abin da zai yi. Ta fita ta buge kai da matattakala, ta ƙara wani tsakin.

Ya zauna da wasiƙar. Nas ta zuba komai a ciki. Ta gaida ma'aikata. Ta kawo kamannin Auta tiryan-tiryan: dogo, siriri, tabo a girar hagu, ɗan ɗingishi idan ya gaji, da shuɗiyar rigar da ya fita da ita. Ta ba da labarin asibiti da ranar da ya tafi. Ta lissafa waɗanda suka rasu da waɗanda aka haifa, har da ɗanta na biyu da aka sa wa sunansa. Ta ce an sayar da tsohon gida, an koma wata unguwa. Ta ce Inna tana raye, kuma har yau idan an zuba abinci takan ce a rage na Auta. A kusa da ƙarshe kuma ga wannan:

«Yaya bai taɓa faɗa da bakinsa ba, kuma ka san halinsa, ba zai faɗa ba, amma ni a ganina ya yi nadamar abin da ya ce maka, kuma yana so ka dawo.»

Nan jan biro ya fara sauka, tun kafin ya kai ga gaisuwar ma'aikata. Ya gaya wa kansa cewa zato ne, kuma doguwa ce, kalma talatin da biyu, kuma sirrin gida ne da bai kamata duniya ta ji ba. Duk gaskiya ne, shi ya sa ya ji daɗin jan layin. Ya cire labarin asibiti, ya cire lissafin matattu da jarirai, ya bar kamanni cif, ya bar Inna, ya bar lamba sau biyu. Daƙiƙa hamsin da takwas. Aiki ya yi kyau, ba maraya ko ɗaya a ciki.

Ranar Alhamis mai karanta wasiƙun ta zo karɓar na mako. Mai Murya ake ce mata, shi ya koya mata aiki tun tana budurwa, yanzu har ta aurar da 'ya. Al'adarta ce ta bi kowace takarda a tsaye a bakin ƙofa, har abin da aka ja wa layi takan leƙa, don ta san nauyin da za ta ba abin da ya rage. Da ta zo kan ta Nas ta ga sunan mahaifin, ta ɗago ta dube shi, ta mayar da kai. Ta daɗe a kan shafi na biyu.

«Malam, ba ka rubuta layin sama ba.»

Ya duba. Gaskiya ne, saman takardar fari fat, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya ce mantuwa ce. Ta miƙo masa fensirinsa, ta ce to ya rubuta tana tsaye. Wa ake so ya ji? Idan mutanen gari ne, don su gane shi su kawo labari, to kamannin shekara ashirin da shida ba za su nuna kowa ba, siririn yaro ya zama magidanci, rigar kuwa ko tsummanta babu. Idan kuma shi kansa ne, yana zaune a shagonsa da rediyo a kunne, ai ba ya bukatar a gaya masa yana da tabo a gira.

«Kai ka koya min,» ta ce. «Ni dai wannan da ka ba ni, neman ɓataccen yaro ce. Wannan kuwa bai ɓata ba, ya san hanya.»

Ta ajiye ta, ta kwashi sauran tara, ta ce za ta dawo gobe.

Almakashi ya ji haushinta ƙwarai, irin haushin da ake ji idan an kama mutum da hannu dumu-dumu. Duk da haka ya ɗauki fensir ya rubuta a sama: Auta ya ji, ya kira. Ya ɗauko sabuwar takarda ya kwafe wasiƙar tun daga farko, ya fara aiki yadda yake yi wa ta kowa.

Kamanni suka tafi gaba ɗaya, reshe guda. Labarin asibiti ya tafi, domin ba wanda ya fi Auta saninsa. Ya bar sunan Baba da na tsohuwar unguwarsu, don mai sauraro ya tabbata da shi ake, ba wani mai irin sunansa ba. Ya dawo da maganar sayar da gida, wadda jiya ya cire, saboda yanzu ya ga aikinta: kada mutum ya yi doguwar tafiya ya ƙwanƙwasa ƙofar baƙi. Matattu ya rage su zuwa jimla ɗaya. Yaron da aka sa wa sunan Auta ya daɗe a ƙarƙashin yatsansa, ya rufe ya buɗe, ya rufe ya buɗe, daga ƙarshe ya bar shi. Abincin da Inna take cewa a rage bai ko gwada rufe shi ba.

Saura jimlar. Ya ɗora yatsa a kanta ya karanta ta sama da ta ƙasa. Sun haɗu sumul, kunne ba zai ji komai ba. Amma da ya ɗaga kai ya dubi layin fensir, ya san ƙarya yake yi wa kansa. Auta ya san Inna tana sonsa, ya san Nas tana sonsa, ya sani tun ranar da ya fita, kuma sanin bai dawo da shi ba. Duk wasiƙar nan, wuri ɗaya ne kawai aka taɓa abin da ya hana shi dawowa. In an cire wannan, sauran duk labarin gida ne, ya ji, ya yi hawaye, ya ci gaba da gyaran janaretansa.

Ya mayar da ita, ya karanta da agogo. Minti ɗaya da daƙiƙa bakwai.

Daƙiƙa bakwai. Yana iya cire lamba ta biyu, amma mai hannu cikin baƙin mai ba ya samun biro a karo na farko. Yana iya cire yaron, ko abincin Inna. Ya sake kallon jimlar Nas, ya ji ta da kunnen Auta: bai taɓa faɗa ba, ba zai faɗa ba. Wato har yau yana nan yadda ka bar shi. Rabin jimlar yana rushe ɗaya rabin. Ya ga inda biro zai bi, tun daga «bai taɓa» har zuwa «a ganina», kalma goma sha takwas, daidai abin da ake nema. Sai dai wannan shi ne yankan da ya hana kowa yi shekara da shekaru. Zaton Nas zai zama shaida, alhali ba ta ji daga bakin mai maganar ba.

Ya kira ta a waya. Tana bakin aiki, yana jin ƙarar keken marasa lafiya a bayanta. Ya karanta mata abin da ya cire, tana cewa to, to, a gajarce. Da ya zo kan jimlar ya karanta mata yadda za ta koma, sai ta tsayar da shi.

«Da sunana za a karanta wannan, Yaya. Ni ban ji ka faɗa ba. Ba zan sa a gaya wa Auta abin da ban ji ba.»

Ya ce ai ta sani. Ta ce sani daban, ji daban, shi ya fi kowa faɗin haka. Ya dubi ƙofar ofis, ya tura ta da ƙafa ta rufe. Mutumin da ya yi shekara ashirin da huɗu yana gyara maganar mutane ya rasa ta inda zai kama tasa. 

«Na yi nadama,» ya ce. «Tun a daren na yi. Kullum ina duba wasiƙu ko zan ga rubutunsa. Ina so ya dawo, Nas. Ina so in gan shi.»

Ya ji tana jan hanci. Can ta ce ya ja layin, ta kashe wayar.

Ranar Asabar bai tsaya a gidan rediyo ba. Ƙarfe huɗu da rabi yana falon Nas, abin da ya ba yaranta mamaki, don ba ranar zuwansa ba ce. An fito da Inna an jingina ta da matashi a kan doguwar kujera, ta rame har zoben hannunta yana juyawa. Nas ta ajiye rediyo a kan tebur, ta ajiye wayarta kusa da shi. Wasiƙarsu ce ta bakwai. Almakashi ya saurari shida na farko bai ji ko ɗaya ba.

Mai Murya ta faɗi sunan Auta, ta sake faɗa. Inna ta ɗago kai. Aka ce an sayar da gida, aka ce akwai yaro mai sunansa, yaron kuwa, wanda yanzu ya fi uwarsa tsawo, ya sunkuyar da kai a bakin ƙofa. Aka ce Inna tana raye, tana cewa a rage masa abinci. Sannan Mai Murya ta ɗan sassauta, kamar da rabin daƙiƙa, ta ce: «Yaya ya yi nadamar abin da ya ce maka, kuma yana so ka dawo.» Lamba, lamba kuma, sai ta shiga cigiyar wani tsohon soja.

 Inna ta juyo da fuskarta wajen babban ɗanta, ta daɗe tana kallonsa da idanun da suka yi fari-fari.

«Kai ka ce haka?»

«Ni na ce, Inna.»

Ta gyaɗa kai a hankali. «Ka daɗe,» ta ce. Ta miƙo hannu, ya matso ya durƙusa a gaban kujerar, ta dafa kansa mai furfura ta bar hannun a nan.

Aka gama filin, aka sa talla, Nas ta rage muryar rediyo. Wayar tana kan tebur, fuskarta baƙa. Daga inda yake durƙushe Almakashi ya tambayi Nas ko akwai caji a ciki. Ta ce a cike take. Bayan ɗan lokaci ya sake tambaya.